Farashin da ke Allon Ragna

Ragna Sonne matar yayana ce, marigayi Thorkil, kuma ita ce uwar ɗakina a wurin aiki, shekara ashirin da shida ke nan. Duk wanda ya ce maka ana iya haɗa waɗannan biyun a zauna lafiya, ka turo shi wurina. Sunana Bodil. Ina aiki a gidan bandar kifin da ke ƙarshen tashar jiragen masunta, mai bututun hayaƙi biyu farare. Ni nake feɗe kifi, ni nake rataye shi, kuma tun da gwiwoyin Ragna suka fara ba ta matsala ni nake tsayuwa a murhu na biyu.

Ragna ba 'yar tsibirinmu ba ce. Daga can tsibirin Fyn Yaya ya ɗauko ta, tana aikin gidan waya, ta zo da hannu mai laushi da tsoron ƙarnin kifi. Shekara tara tana gidansa ba ta taɓa leƙa murhu ba, ita dai tagar sayar da kifi take tsare, ta miƙa kifi ta karɓi kuɗi. Ranar da zuciyar Yaya ta tsaya yana tsaye gaban wuta da tsumma a hannu, duk garin nan ya yanke hukunci cewa za ta sayar da gidan ta koma wurin danginta. Ni ma haka na ce, ba zan yi ƙarya ba. Kwana goma da binne shi sai ga hayaƙi yana tashi daga bututu ɗaya. Na ruga na tarar da ita ta yi baƙi ƙirin, idanu jajur, tana gardama da wuta. Ko sannu ba ta ce mini ba, ta dai miƙo mini wuƙa.

Aikin ba wani asiri ba ne, wahala ce kawai. Kifin sild, wani ƙaramin kifin teku, ake kawo mana da asuba. A feɗe, a wanke, a haɗa su biyu-biyu, kan wannan a ramin kunnen wancan, a rataye a sanda, a fitar waje iska ta busar da su. Daga nan sai cikin murhu, a bisa wutar wani itace da muke kira el, awa uku zuwa huɗu. In wuta ta nemi ta yi harshe sai a dafa ta da jiƙaƙƙen tsumma da ke ɗaure a kan doguwar sanda, don hayaƙi muke so. Ka yi sake na minti biyar, fatar kifi ta fashe ko ya faɗo daga sanda. Ko gwani sai ya samu ɗaya cikin goma ya fashe. Ragna a shekararta ta farko, rabi ne ke fashewa, sauran rabin kuma ya ƙone.

Akwai wani baƙin allo rataye a gefen taga tun zamanin babanmu. Layi uku ne a kansa: farashin kifi ɗaya, farashin akwati mai arba'in na masu sari, da farashin fasassu, wanda rabin kuɗi ne. Ran ɗaya ga Mayu, ranar da muke buɗewa, Ragna take goge shi ta rubuta da alli, kuma ba ya sake motsi sai wata shekarar. Abin da ke allon nan shi kowa ke biya. Fasto ya biya, likita ya biya, Bajamushen da ya sauko daga jirgin fito jiya ya biya. Ni da aka haife ni a ɗakin da ke saman gidan nan, in ina son kifi biyu na tafi da su gida, sai na zagaya ta taga na biya kamar baƙuwa. Abin nan ya daɗe yana cin raina, har yanzu ma bai daina ba. Na taɓa yi mata magana sau ɗaya, ta ƙara mini albashi, amma kifi dai ta ce in biya.

Orla Funch kuwa shi ne mai masauki da gidan abinci a kan tudu, kusa da coci. Ƙato ne, mai surutu, mai son a ce shi ne. Yana cikin mutum shidan da suka ɗauki akwatin gawar Yaya. Kuma a waccan shekarar ta farko, lokacin da sauran masu masauki suka janye ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya ci gaba da aiko da mota kullum safe a ɗaukar masa akwati biyu. Bai taɓa fasawa ba. Akwati biyu, kifi tamanin, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da muke fitarwa a rana. Saboda shi ake hura murhu na biyu, wato murhuna. Don haka Ragna ta ɗora wa kanta wata al'ada: kifi biyun farko da aka sauke daga sanda ran ɗaya ga Mayu, a naɗe su a takarda da zafinsu a kai wa Orla kyauta, ya ci shi kaɗai a kicin.

To bara, sati biyu kafin mu buɗe, muna kankare sanduna a tsakar gida, sai ga Orla ya shigo da kwalin kek mai kirfa. Ina ganin kek ɗin na san da magana. Orla ba ya sayen kek, matarsa ke yi, kuma wannan daga kanti yake.

"Ragna, za mu ɗan zanta," in ji shi. Ya dube ni.

"Bodil ba ta ji sosai," in ji Ragna. "Zauna."

Ƙarya take yi, kunnena ras yake. Ta ɗora kofi, muka zauna a bencin da ke gaban murhu. Ya yi zancen iska, ya yi zancen gwiwarta, ya yi zancen jikokinsa, har ya ci yanka biyu. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa. Wani kamfani ne a can yankin Jylland, ƙetaren teku, suna bandar kifi da inji, su rufe a leda, su aiko ta jirgin fito sau biyu a sati.

"Ni ba na son kayansu," in ji shi. "Amma dubi abin da suke nema. Ban ce ki sauko har nan ba. Ki rage mini kashi goma sha biyar cikin ɗari, shi ke nan, mu ci gaba kamar yadda muka saba. Ba wanda zai ji."

Ragna ta ɗauki takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba ta yi sauri ba. Ta ajiye.

"Me ya faru, Orla? Shekara ashirin da biyar ba ka taɓa tambaya ba."

Sai ya faɗa. Rufin masaukin ya fara yoyo a hunturu, kuɗin lantarki ya ninka, kuma 'yarsa da ta karɓi ofis ta zaunar da shi ta ce ko dai a rage abin da ake kashewa a kicin, ko a sallami mai dafa abinci ɗaya. Ragna ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Ni a raina ina cewa, ki ba shi goma mana, a wuce wurin.

"Na ji, kuma na yarda da kai," in ji ta. "Amma ba zan rage ba."

"Goma fa?"

"A'a."

"Biyar. Don dai in samu abin da zan faɗa wa yarinyar nan."

"Ko krone ɗaya, Orla. Ba ciniki nake ja da kai ba, don kada ka yi ta saukowa kana ɓata bakinka. Abin da ke allo shi ne. In na cire maka, daga wurin wani zan cire: ko masuncin da ke fita da asuba, ko mai kawo itace, ko Bodil. Zaɓi wanda za ka kalla ka faɗa masa. Ga ɗaya nan zaune."

Ya ƙi kallona. Ni kuwa na kafe shi da ido, ina jin haushinsa, ina jin haushinta da ta sa ni a tsakiya.

"Kuma ka ce ba wanda zai ji," ta ci gaba. "A garin nan? Kafin Asabar sauran masu masauki huɗu sun ji, kuma suna da gaskiya in sun zo. Amma saurara, akwai abin da zan iya. Cikin kifi tamanin da kake ɗauka, nawa kuke murjewa ku haɗa da albasa da kirim?"

"Kamar ashirin da biyar."

"To me ya sa kake sayen lafiyayyu a kansu? Fasassu suna nan a rabin kuɗi, ɗanɗano ɗaya, wuta ɗaya. Kullum sukan kai ashirin da wani abu, sau da yawa ma har yamma ba a saye su ba. In ajiye maka su kullum safe kafin na buɗe taga. In ka duba, abin da za ka rage ya kai abin da ka zo nema. Na taɓa faɗa maka haka shekarun baya, ka yi mini dariya."

Maganar gaskiya ce, kuma mai hankali da ya karɓa ya ƙara kek. Amma Orla wuyansa ya yi ja har kunne.

"Fasassu," in ji shi. "Na zo miki da ƙoƙon bara, ni Orla, ki ce in kwashi na ƙasan murhu. Abin da na ci a wurinki ke nan?"

"Ba na ƙasan murhu ba ne."

"Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekarar da Thorkil ya rasu, kifin da kike aiko mini ba ya ciwuwa. Gawayi ne. Rabinsa kyanwoyin bayan kicin nake zuba wa, in aika garin Rønne a ɓoye a sayo mini wani in ba baƙi. Wata biyar ina haka. Kin ji na ce ki rage mini? Kin ji na ce uffan?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na miƙe da sanda a hannu, na ce, "Kai Orla, gori ka zo yi mana a gidan ubana? Ɗauki kek ɗinka."

"Zauna, Bodil," in ji Ragna. Muryarta ba ta canza ba. Ta juya wajensa. "Na sani. Kyanwoyinka a shekarar nan sun fi na kowa ƙiba a tsibirin nan, kana tsammani makauniya ce ni? Na sani, kuma ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Ka biya abin da ke allo a kan kifin da bai kai ba, shi ya sa gidan nan yake tsaye. In rufi ne matsalar, ka ce rufi, mu zauna ni da kai a matsayin abokai mu ga me za a yi. Amma ba zan biya ka waccan shekarar da farashin kifi ba. Ta fi ƙarfin haka."

"To ki riƙe allonki," in ji shi. Ya naɗe takardarsa. "Bana ba sai kin ajiye mini komai ba."

"To. Na gode da ka faɗa mini da wuri. In ka canza shawara, ƙofa a buɗe take. Ka gaida Hedvig."

Hedvig matarsa ce. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe, iska tana buga ta. Ragna ta tashi ta rufe, ta dawo ta ɗauki sandarta ta ci gaba da kankara. Ni kuwa na buɗe baki, kuma ban rufe ba sai da muryata ta dushe. Na ce mata taurin kai ne, na ce girman kai ne, na ce allon nan katako ne da alli, ba littafin coci ba. Na ce murhun wa za a kashe, nata ko nawa? Ta bar ni na gama.

"Naki," in ji ta. "Kwana uku a sati za ki riƙa zuwa maimakon shida, har mu ga abin da hali zai yi. Ki yi haƙuri. Kuma abu ɗaya nake roƙonki: kada in ji kin zagi Orla a gari."

Shekarata hamsin da tara. A tsibirin nan abin da ka samu daga Mayu zuwa Satumba shi za ka ci har wata Mayun, kuma ba mai ɗaukar mace mai shekaruna aiki sai dai gyaran gadon baƙi. Rabin aikina ya tafi saboda tsofaffi biyu sun kasa sasantawa a kan ragi, sannan an ce in ja bakina in yi shiru. Na tafi gida ban yi mata sai gobe ba.

Ran ɗaya ga Mayu ta goge allo ta rubuta, bututu ɗaya ne ya yi hayaƙi. Ƙarfe sha ɗaya aka sauke sandar farko. Ina kallo ta cire kifi biyun farko, ta barbaɗa gishiri, ta naɗe a takarda, ta miƙo mini.

"Kai wa Orla."

Na ce, "Kin haukace? Mutumin da ya bar mu?"

"Ya daina sayen kifi, shi ke nan abin da ya yi. Wannan ba na ciniki ba ne, nasa ne. Gwiwata ba za ta hau tudu ba, kuma in suka huce ba su da amfani. Yi sauri."

Na hau tudun nan ina zage-zage a cikina. Na shiga ta ƙofar kicin, na tarar da shi tsaye da almakashi yana yanka leda, yana zaro kifin kamfani, mai sanyi, mai sheƙi. Yana ganina ya yi ƙoƙarin tare teburin da ƙaton cikinsa. Na dangwarar masa da takardar, na ce, "An ce in kawo." Ya kawar da kai. Ina juyawa idona ya faɗa kan takardar jerin abinci da ke jingine a kan tebur, sabuwa fil, bugun shekarar. Layi na biyu an rubuta: kifin bandar Ragna, a bisa baƙin burodi, da kwanduwar ƙwai da albasa.

Ban san yadda na sauko tudun ba. Na shiga ina haki, na ce mata, "Ga abokinki nan. Kifin leda yake sayarwa da sunanki. Yau sai duk tashar nan ta ji, in ya so ki kore ni gaba ɗaya."

A nan ne na ga Ragna ta yi fushi na gaske, karo na biyu a rayuwata. Ta jefa tsumman wuta a bokiti har ruwa ya fantsama bango. Ta zagi Orla, ta zagi takardarsa, ta zagi wanda ya buga ta, da kalmomin da ban san 'yan gidan waya sun iya ba. Raina ya ɗan yi sanyi. Na ce to, yanzu za a yi ta. Sai ta wanke fuska, ta koma taga, ta sayar da kifinta har yamma, ta ce in na faɗa wa ko mutum ɗaya ba ita ba ni.

Ta jira Litinin, ranar da gidan abincinsa yake rufe. Ta sa ni na tuƙa ta a mota, ta ce in zauna a ciki. Na ƙi, na bi ta. Muka same shi shi kaɗai a zauren cin abinci yana gyaran ƙafar kujera. Ta ajiye ƙaton alƙalami baƙi a kan tebur.

"Orla, sunana yana takardarka."

Ya ce an buga su tun watan Maris, kafin maganarmu, guda sittin ne, kuma sake bugawa kuɗi ne.

"Na yi zaton haka," in ji ta. "Ban ce da gangan ka yi ba. Amma ba zai kwana a wurin ba. Kifin da kake ba baƙi harkarka ce, sunan kuwa nawa ne. Kawo su, ka ɗauki talatin in ɗauki talatin."

Haka suka zauna, su biyu, tsofaffi da tabarau, suna goge sunan Ragna layi bayan layi. Ni ina tsaye bakin ƙofa kamar dogari, ina jiran ta faɗa masa ko kalma ɗaya mai zafi. Da suka gama ta tambaye shi ina maganar rufi, ta ba shi sunan wani kafinta da ya yi mata aiki mai kyau bai tsawwala ba. Daga nan na mayar da ita gida a mota.

Mayu ya wuce, Yuni ya shigo, baƙi suka cika gari. Kafin ƙarfe biyu kifinmu yake ƙarewa, amma baƙon taga yau yana nan gobe ruwan sama ya hana shi fita, ba a hura murhu guda saboda shi. Ragna ta je wurin sauran masu masauki, ɗaya ya ƙara rabin akwati, shi ke nan. Ni kuwa ranakun da ba na banda ina can wani masauki ina cire zanen gado, bayana yana ciwo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da nake ji da kunnena a taga. Kullum sai baƙi sun tambaya ina za su ci abincin dare mai kyau, kullum kuma amsarta ɗaya ce: "Ku hau tudu, wurin Orla, kusa da coci. Naman ragonsa babu irinsa a tsibirin nan. Ku ce ni na aiko ku."

Rannan na kasa daurewa. Na ce, "Ke wai waliyyiya kike so ki zama? Mutum ya raba ni da rabin abincina, ke kina cika masa kujeru."

"Naman ragonsa ya lalace ne?" in ji ta.

"Ba zancen rago nake ba."

"Ni kuwa shi suka tambaye ni. Bodil, ina jin haushinsa fiye da ke, wasu ranakun ko barci ba na yi. Amma na ce masa a'a, kuma yana da ikon ya tafi. In na hukunta shi don ya tafi, to ashe ragin da na hana shi ba don allo ba ne, don in nuna masa iyakarsa ne. Miƙo mini gishiri."

Na miƙa mata, amma ban yarda ba. Har yau ban gama yarda ba.

Sati na farko na Yuli, wata Talata da safe, ina tsakar gida ina rataye kifi, sai na hango shi a layin taga. Bai shigo ta ƙofar baya ba kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Yana tsaye bayan wasu 'yan Sweden biyu da wata mata mai kare, hannu a aljihu, yana karanta allo kamar yau ya fara ganinsa. Na ajiye sanda na matso, don ba zan bari wannan ya wuce ni ba.

"Ina kwana, Orla," in ji Ragna. "Me za a ba ka?"

"Daga gobe," in ji shi, yana kallon gefe, "lafiyayyu hamsin da biyar. Da fasassu, duk abin da aka samu."

"To. Zan bar biyar a taga saboda tsofaffin da suka saba, sauran naka ne."

"Farashi fa?"

"Ga shi nan a bayanka."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ke dai ba ki da kirki."

"Kofi yana kan wuta. Zagayo."

Ta koma kan masu layi, shi kuma ya zagayo tsakar gida ya zauna a benci. Ni na zuba masa kofin, na ajiye da ƙarfi har ya zube. Na ce, "Baƙi sun gane kifin leda ke nan, ko?"

"Ina fa," in ji shi. "Mutum biyu ne kacal suka yi magana a wata biyu. Bajamushe mai yunwa bai san bambanci ba. Da don wannan ne da ban dawo ba."

"To me ya dawo da kai? Kunya?"

"Kullum yamma sai an shigo an ce, matar gidan banda ce ta aiko mu. Kullum, Bodil. Ranar Asabar wani ya nuna farantinsa ya ce, wannan nata ne ko? Na tsaya kamar gunki." Ya juya kofin a hannu. "Amma ba ma shi ba. Wata biyu ina jira in ji ta rage wa wani don ta cike gurbina. Na sa Hedvig ta bincika, har na tambayi sauran da bakina. Ba ta rage wa kowa ba. Sai na zauna na yi tunani, da ranar nan ta ce to, ta cire mini sha biyar ɗin nan cikin sauƙi, me zan ce a raina? Zan ce ashe shekara ashirin da biyar matar nan tana cutata."

Na goge kofin da ya zube. Na ce, "Wata biyu ina cire zanen gado saboda kai."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

"Ban haƙura ba."

"To," in ji shi, ya shanye kofinsa.

Washegari da asuba na cire tsohuwar toka daga murhu na biyu, na jera itace, na kunna. Wata biyun da na rasa ba su dawo ba, ba kuma wanda ya biya ni su. Da yamma, da na tashi tafiya gida, na zaɓi kifi biyu masu kyau daga sandata ta ƙarshe, waɗanda ni na feɗe, ni na rataye, ni na tsaya a kansu awa huɗu hayaƙi yana cin idona. Na naɗe su, na tsaya ina kallon ƙofar baya. Ragna tana goge teburin taga, ba ta ɗago ba. Na yi tsaki, na zagaya ta taga, na biya abin da ke allo.